Yadda muke yanke abin da ya yi ƙanƙanta a binciken asusu

Ina da ƙaramin ofishin binciken asusu a Kano, kuma galibin masu kawo mana aiki 'yan kasuwa ne da suka yi wa harkarsu rajistar kamfani: masu hatsi, masu sufuri, masu ƙananan masana'antu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni tilascin kiran odita, wato waɗanda cinikinsu na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba kuma dukiyarsu bayan cire bashi ba ta haura miliyan 60 ba, tare da wasu sharuɗɗa. Don haka masu zuwa wurinmu ko dai sun wuce wannan matsayi, ko kuma banki ne ya ce sai ya ga sa hannun odita kafin ya ba da rance.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne odita ba ya duba kowane rasit, kuma sa hannunsa ba ya nufin babu kuskure ko na kwabo. Abin da muke shaidawa shi ne babu kuskuren da ya kai ya sauya shawarar mai karanta asusun. Kafin a buɗe fayil ko ɗaya sai mun zauna mun tsayar da adadin da za mu kira iyakar muhimmanci. Ƙa'idar bincike ta duniya mai lamba ISA 320 ita ta wajabta wannan, amma ba ta ba mu adadi ba. Ta bar wa odita ya yi hukunci, ya rubuta dalilinsa a fayil, ya iya kāre shi idan an tambaye shi.

Bari in kawo aikin wani kamfanin hatsi da ke sayen kaya a kasuwar Dawanau. Na ɗan daidaita alkaluman don lissafi ya yi sauƙi. Cinikinsu na shekara naira miliyan 900 ne, ribar da suka nuna kafin haraji kuma miliyan 40. A al'adar sana'armu ana ɗaukar kashi 5 cikin 100 na riba, ko kuma rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100 na ciniki. Da na bi ta ciniki, iyakar za ta iya kai miliyan 9. Da na bi ta riba, sai ta tsaya a miliyan 2. Duka biyun suna cikin abin da aka saba, amma tazarar da ke tsakaninsu babba ce, kuma a nan hukunci yake shigowa.

Sai na tambayi kaina wa zai karanta asusun nan. Akwai bankin da ya ba su rance, wanda yake son sanin ko riba za ta iya ɗaukar biya. Akwai ƙanen mai kamfanin da yake da hannun jari amma ba ya zama a shago, rabonsa daga riba yake fitowa. Akwai kuma hukumar haraji. Dukkansu idonsu yana kan riba. Harkar hatsi kuwa kuɗi masu yawa suke shiga suna fita, amma abin da yake saura kaɗan ne, don haka kuskuren miliyan 9 zai cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ribar, ni kuma in ce bai kai a damu ba. Wannan ba zai yiwu ba. Na tsaya a miliyan 2.

Daga wannan adadi muke fitar da wasu biyu. Na farko shi ne wanda muke aiki da shi wajen zaɓen abin da za a duba, kuma kullum yana ƙasa da babbar iyakar, galibi tsakanin rabinta da kashi uku cikin huɗu. Dalili shi ne tunda samfuri muke dubawa, dole akwai kurakuran da ba za mu gani ba, sai a bar musu wuri. A wannan kamfani na sa miliyan 1.4. Na biyu shi ne adadin da in kuskure bai kai shi ba, ba ma ɓata lokacin tara shi a takardar kurakurai, nan na sa naira 100,000. Duk abin da ya haura wannan sai an rubuta shi, ko da a kan kansa bai isa ya girgiza komai ba, kamar yadda wata ƙa'idar binciken mai lamba ISA 450 ta tanada.

Yaran ofis sun kawo abubuwa uku. Kuɗin wuta da na hayar sito na watan Disamba, naira 350,000, ba a shigar ba saboda sai a Janairu aka biya. An rubuta cinikin wata motar masara a ranar 30 ga Disamba alhali takardar lodi ta nuna sai 4 ga Janairu kayan suka bar sito, ribar da ke ciki naira 900,000. Sai bashin naira 600,000 a kan wani ɗan kasuwa da ya rufe shago, kuma fiye da shekara ba a karɓi ko sisi daga gare shi ba. Akantan kamfanin ya ce kowanne a cikinsu bai kai iyaka ba, a bar su. Gaskiyarsa ta fuskar ɗaya bayan ɗaya. Amma ba haka ake aunawa ba, tara su ake yi. Jimillarsu naira miliyan 1.85, kuma dukkansu ɓangare guda suka karkata, wato ƙara riba. Kurakuran da ba da gangan aka yi su ba sukan faɗo ta nan da can. Idan na ga duk sun nufi hanya ɗaya, sai in ƙara buɗe ido.

Kafin mu gama da waɗannan sai maganar wake ta taso, kuma ita ce ta fi ɗaukar lokaci. Da muka je ƙirgar kaya a ƙarshen shekara mun tarar da buhu 1,200 na wake, kowanne an saye shi a kan naira 70,000, jimilla miliyan 84. A cikinsu akwai buhu 300 ragowar bara da ƙwari suka shiga. Ƙa'idar haja, IAS 2, ta ce a rubuta kaya a kan kuɗin da aka saye su ko kuma abin da za a samu idan an sayar bayan cire ɗawainiyar sayarwa, duk wanda ya fi ƙasa. Wannan shi ne taka-tsantsan a aikace: idan hasara ta bayyana ba a jira sai an sayar kafin a amince da ita.

Alhaji mai kamfanin bai yi gardama a kan ragin ba. Hasali ma shi ya nemi a rage fiye da haka. Ya ce, "Malam, kasuwar wake ba ta da tabbas, ku sauke kashi 15 cikin 100 a kan duka, ai ku ne kuke cewa a yi taka-tsantsan." Wannan zai zama miliyan 12.6.

Na ce masa, "Alhaji, bari mu ga abin da kasuwa ta faɗa." Mun ɗauko rasitan Janairu da Fabrairu. Buhunan da suka lalace an sayar da su a kan naira 58,000, kuɗin dako da la'adar dillali kuma sun ci 2,000 a kowane buhu, saura 56,000. Hasarar kowane buhu 14,000 ke nan, sau 300 ya ba da miliyan 4.2. Sauran buhu 900 lafiyarsu ƙalau, kuma waɗanda aka riga aka sayar a cikinsu sun tafi sama da kuɗin saye. Babu hujjar taɓa su. Ƙarin miliyan 8.4 da Alhaji yake nema zai rage harajin bana, ya rage rabon ƙanensa, sannan ya dawo a matsayin riba a baɗi lokacin da aka sayar da waken. Ɓoye riba kuskure ne daidai da kumbura ta, kuma wannan ya ninka iyakarmu fiye da sau huɗu.

Wannan cece-ku-ce ba a Kano ya fara ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin akanta na duniya ta cire taka-tsantsan daga tushen tsarinta a 2010, saboda tana ganin ana fakewa da shi a karkatar da asusu. Bayan ƙorafi mai yawa ta mayar da shi a 2018, amma da ma'anar yin hattara wajen hukunci idan babu tabbas, ba tare da an ƙasƙantar da dukiya ko riba da gangan ba. Ni ina goyon bayan wannan matsaya, don na ga yadda tsohuwar fahimta take zama aljihun ɓoye: a cusa riba a shekarar albarka, a zaro ta a shekarar wahala, mai karatu ya ɗauka kamfani yana tafiya sumul.

Alhaji ya amince da miliyan 4.2. Sai dai wannan gyara ya taɓa lissafinmu na farko. Riba ta sauko zuwa miliyan 35.8, kashi 5 cikin 100 nata kuma ya zama miliyan 1.79. Kurakuran nan uku da jimillarsu ta tsaya a miliyan 1.85, waɗanda a da suke ƙasa da iyaka da ƙyar, yanzu sun haura ta. Shi ya sa ba a kulle adadin a farkon aiki a manta da shi. Na sanar da su a rubuce cewa idan ba a gyara ba, rahotona zai fito da togaciya, banki kuma zai karanta. Suka gyara duka ukun, ribar ƙarshe ta tsaya a miliyan 33.95.

Akwai abu guda da adadi bai kama shi ba sam. Ɗaya daga cikin yarana ya lura da biyan naira 85,000 na kuɗin mota, wanda yake ƙasa da abin da muke tarawa. Abin da ya tsayar da shi shi ne babu takardar lodi a bayansa. Da ya bi sawu sai ya tarar da irinsa har huɗu a cikin shekarar, duk da rubutun hannu ɗaya, duk ƙasa kaɗan da matakin da yake buƙatar sa hannun manaja. Jimillarsu naira 340,000 ba ta sauya riba ta yadda banki zai ji ba. Amma ƙanƙantar kuɗi uzuri ne ga kuskure kawai. Idan akwai alamar niyya, ko kuɗin ya tafi wurin darakta ko danginsa ba tare da an bayyana ba, ko gyaran zai mayar da riba hasara, ko ya karya sharaɗin rance, to girman adadin ya daina zama ma'auni. Mai yin irin wannan da 85,000 yana da hannu a wasu takardun da muka dogara da su, don haka muka faɗaɗa samfurin kuɗin sufuri, muka nemi tabbaci kai tsaye daga masu motocin, sannan muka rubuta wa daraktoci wasiƙa ta daban da ranaku da lambobin takardun huɗu, muka ba da shawarar a raba mai rubuta takardar biya da mai fitar da kuɗi.