Fefar da aka yafe maka tana jiranka a gaba

Wanda ya gama digirin akanta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Alƙalam, ko ta Tarayya da ke Dutsinma, ko ya ɗauko babbar difloma daga Kwalejin Hassan Usman Katsina, da zarar ya fara tunanin zama ƙwararren akanta tambayarsa ta farko ɗaya ce: fefa nawa za a yafe mini a jarrabawar ƙungiyar akantoci? Tambayar tana kan hanya, domin kowace fefa kuɗi ce da watanni na karatun dare. Sai dai abin da aka gani a wurin waɗanda suka bi hanyar shi ne, jarrabawa kaɗai ake yafewa. Abin da ke cikin fefar yana nan, kuma za a tambaye shi a mataki na sama ba tare da an sake koyar da shi ba.

Kafin a kai can, akwai ruɗanin da ke cinye wa mutane lokaci. Amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa daban take da tantancewar ƙungiyar akantoci. ICAN, ƙungiyar akantocin Najeriya wadda doka ta kafa a 1965, tana tantance sashen akanta na makarantu da kanta, ACCA ta Birtaniya ma tana da nata jerin. Kuma abin da ake tantancewa kwas ne a cikin wasu shekaru ƙayyadaddu, ba sunan makaranta ba. Shi ya sa mutum biyu da suka zauna a sashe ɗaya, malamai ɗaya suka koyar da su, za su iya samun amsa daban don kawai ɗaya ya riga ɗaya fita da shekara biyu. Maganar "ai yayana an yafe masa kaza" ba hujja ba ce. A ICAN sai ka yi rajistar ɗalibi tukuna sannan ka nemi yafewa ka biya kuɗinta. ACCA kuwa tana da shafin da ake kira Exemptions calculator, inda za ka sa ƙasa da makaranta da kwas da shekarar kammalawa ka ga abin da ya fito tun kafin ka kashe ko sisi. ANAN, wata ƙungiyar akantocin Najeriya, tsarinta daban ne, mai digiri ko babbar difloma a akanta kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos yake shiga, don haka wannan lissafi bai shafe ta sosai ba.

Bari mu tsaya a kan ACCA, domin a nan ne dangantakar fefa da fefa ta fi fitowa fili. A tsarin da ake kai, jarrabawa 13 ake ci. Uku na farko su ne BT ta kasuwanci da fasaha, MA ta lissafin gudanarwa da FA ta lissafin kuɗi. Shida na tsakiya su ne LW ta doka, PM ta auna ƙwazon aiki, TX ta haraji, FR ta rahoton kuɗi, AA ta odita da FM ta sarrafa kuɗi. Sai matakin ƙarshe mai SBL ta jagorancin kasuwanci da SBR ta babban rahoton kuɗi, duka na dole, da guda biyu da mutum zai zaɓa daga AFM, APM, ATX da AAA, wato manyan matakan FM, PM, TX da AA. Iyakar abin da ake yafewa tara ne, wato na farko da na tsakiya. Huɗun ƙarshe ko farfesa ne sai ya zauna. Digirin akanta da ACCA ba ta tantance kwas ɗinsa ba yawanci huɗu yake samu, BT, MA, FA da LW. Wanda aka tantance yana iya kaiwa tara. Shekarun aiki ba sa jawo yafewa, ko da mutum ya yi shekara ashirin a ofishin Babban Akanta na jiha.

Yafewar ba kyauta ba ce. Kowace fefa da aka ɗauke maka akwai kuɗinta, da fam na Ingila, kuma bai yi nisa da kuɗin zama jarrabawar ba. Mai fefa tara zai ga an jibga masa bashin tara a lokaci guda, kafin ya buɗe littafi. Abin da yafewar ta rage masa lokaci ne da kuɗin darasi da haɗarin faɗuwa, ba kuɗin ƙungiya ba.

A ɗauki wata da ta gama digiri a 2017, ta yi bautar ƙasa, ta samu aiki a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma a yankin Daura, yanzu kuma aka ce an yafe mata tara. Aikinta na kullum baucan biya ne da littafin kuɗin shiga da fita da daidaita shi da takardar banki a ƙarshen wata. Idan ta karɓi duka taran, fefar da za ta fara fuskanta SBR ce, wadda aka gina kai tsaye a kan FR. Masu tsara SBR sun ɗauka cewa FR tana kanta daram. To amma a ƙa'idojin lissafi na duniya, IFRS 15 ta kuɗin shiga da IFRS 9 ta kadarorin kuɗi sun fara aiki ne a Janairun 2018, IFRS 16 ta haya kuma a Janairun 2019, duk bayan ta bar aji. Idan abin da ta haddace shi ne a raba haya gida biyu a bar wata a wajen ma'aunin kadara da bashi, to wannan ya tafi ga mai karɓar haya, yanzu kusan kowace haya sai ta shiga a matsayin kadarar amfani da kuma bashi. Ba ta manta ba ne, ba a taɓa koya mata ba.

Akwai gwajin da ya fi duk wata shawara, kuma ba ya cin ko kwabo. Ga irin tambayar da wanda ya cancanci a yafe masa FR ya kamata ya warware ba tare da ya leƙa littafi ba. Kamfanin A ya sayi kashi 80 cikin ɗari na kamfanin B a kan naira miliyan 120. Ranar sayen, darajar dukiyar B bayan an cire bashi miliyan 100 ce a farashin kasuwa, kashi 20 da ya rage a hannun sauran masu hannun jari kuma an kimanta shi miliyan 26. Nawa ne gudwil, wato rarar da aka biya a kan dukiyar da ake iya ƙirgawa?

```
120 + 26 - 100 = 46
120 + 20 - 100 = 40
```

Layin farko shi ne amsa idan aka ɗauki kason sauran masu jari a darajar kasuwa. Na biyu shi ne idan aka ɗauke shi a matsayin kashi 20 na miliyan 100 kawai. IFRS 3 ta yarda da duka biyun, tambaya ce ke faɗa maka wanda za ka bi. Wanda ya san 46 kaɗai, bai san daga ina 40 ta fito ba, zai sha wuya idan aka zo rage darajar gudwil, domin a hanyar farko ana raba asarar da sauran masu jari, a ta biyu kuwa uwar kamfani ce ke ɗauke ta ita kaɗai.

A ƙara masa wannan. A cikin shekara B ya sayar wa A kaya na miliyan 12, ya ɗora ribar kashi 20 a kan kuɗin da ya saro, kuma rabin kayan yana nan a sito a ƙarshen shekara. Ribar da ke ciki ita ce 12 × 20/120, wato miliyan 2, rabinta miliyan 1 shi ne ba a ci ba tukuna, sai an cire shi daga darajar kayan da kuma ribar B. Tun da B ne ya sayar, sauran masu jari za su ɗauki kashi 20 na wannan ragin, naira 200,000. Wanda ya samu miliyan 1.2 ya ɗauki kashi 20 na farashin sayarwa ne maimakon na sari, kuskuren da ɗan kasuwar da ke Babbar Kasuwar Katsina ba zai yi da kayansa ba, amma masu digiri suna yinsa a takarda kullum.

Wannan ɗanɗano ne. Cikakken gwajin shi ne a sauko da tsohuwar jarrabawar FR daga shafin ACCA a zauna mata da agogo. Awa uku ce, maki 100, ana ci da 50. Kowane maki yana da minti 1.8, don haka kowace daga manyan tambayoyi biyu na ƙarshe masu maki 20 minti 36 take da shi. A yi ta a kwamfuta, a cikin shafin gwajin da suka tanada, domin a allon lissafi ake amsawa, kuma wanda ya saba da biro da takardar fulskaf yakan ɓata minti goma yana neman yadda zai jera aikinsa. Wanda ya haura 50 cikin lokaci ya karɓi yafewarsa da kwanciyar hankali. Wanda ya tsaya a talatin da wani abu yana da zaɓi biyu. Ko ya karɓa amma ya ware wata biyu ko uku ya karanta littafin FR daga bango zuwa bango kafin ya taɓa SBR, ko ya ajiye yafewar ya zauna fefar. A ganina na biyun ya fi ga wanda ya san ba ya karatu sai an sa masa ranar jarrabawa, kuma yawancinmu haka muke. Sai dai a sani, yafewar da aka ajiye aka zauna fefar ba a dawo da ita, don haka ba shawarar da za a yanke cikin zafin rai ba ce.

Ba kowace fefa ce ta cancanci wannan wahala ba. BT da MA da FA, mai digirin akanta ya karɓa ya wuce. LW babu wata fefa a sama da ta tsaya a kanta kacokan. Sauran kuwa kowace da 'yarta: FM tana kai wa AFM, PM ga APM, AA ga AAA, TX ga ATX. Tun da biyu kawai za a zaɓa, sai mutum ya fara yanke waɗanda zai ɗauka a sama, sannan ya gwada kansa a iyayensu biyu da FR. Mai niyyar aikin odita da ya zaɓi AAA yana buƙatar AA da SBR duka, shi ya sa ake so a ci SBR tukuna ko a haɗa su zama ɗaya.

Haraji ne ya fi yaudara. Abin da aka karanta a jami'a dokar Najeriya ce, ɗaliban nan kuwa na Birtaniya suke rubutawa a TX da ATX, da shekarar harajinta da ke farawa ranar 6 ga Afrilu da harajin gadonta. Wanda aka yafe wa TX ya zaɓi ATX zai tarar bai taɓa ganin tushen ba ko sau ɗaya. Idan ba a can zai yi aiki ba, ya bar ATX ya zaɓi wata. Mai bin ICAN ma bai tsira ba, don harajin kayayyaki ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, sannan sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun sake fasalin abubuwa da yawa. Littafin aji huɗu na 2017 ba zai kai kowa ga babbar fefar haraji ba.

Wajen takardu, abin da ke maido da buƙata baya yawanci ƙarami ne. Ana son shaidar kammalawa da tiranskirif mai nuna kowane kwas da sakamakonsa, ba takardar sakamakon zango ba. Sunan da ke kansu ya dace da na fasfo ko katin ɗan ƙasa harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko Daura a matsayin sunan ƙarshe a wata takarda babu shi a wata, ya isa a nemi takardar rantsuwa daga kotu. Fitar da tiranskirif kan ɗauki makonni, ACCA kuma a Maris da Yuni da Satumba da Disamba take zama, ana rufe rajista makonni kafin nan. Kada a yi gaggawar shiga fefar da ake jiran amsar yafewarta don gudun rasa zama ɗaya. A nemi tiranskirif tun wata uku kafin zaman da ake hari, a jira yafewar ta bayyana a asusun ɗalibi, sannan a biya kuɗin jarrabawa.