Zafin fitsari idan ya haɗu da ciwon baya da zazzaɓi

Ƙannena, musamman ku 'yan mata da matan aure, zafin fitsari ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma sabon da muka yi da shi ne yake cutar da mu. Da ya zo sai mu ce sanyi ne, mu ƙara shan ruwa, mu jira ya wuce. Sau da yawa ciwon a mafitsara ya tsaya, kuma maganinsa ba shi da wuya. Amma ranar da zafin fitsarin ya zo tare da zazzaɓi da ciwo a gefen baya, magana ta canza, domin ƙwayar cutar ta haura zuwa ƙoda. Ni na ɗauki ciwon mafitsara da na ƙoda a matsayin ciwo ɗaya, kuma abin da ya kai ni gadon asibiti ke nan.

Ƙoda biyu ne, suna can sama a baya, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace tana da siririn bututu da ke sauke fitsari zuwa mafitsara, wadda take ƙasa a cikin mara. Ƙwayar da ta fi jawo wannan ciwo ita ce wadda za ku ga an rubuta E. coli a takardar gwaji. A hanji take zaune, daga nan take samun hanya zuwa bakin mafitar fitsari ta shiga ciki. Hanyar fitsarin mace kusan santimita 4 ce kacal, ta namiji kuwa tana kai 20, shi ya sa abin ya fi addabar mata.

Idan ƙwayar ta tsaya a mafitsara, duk wahalar a ƙasa take. Fitsari yana fita da raɗaɗi, kina zuwa banɗaki ki dawo ki sake jin matsuwa, alhali abin da ke fita bai cika cokali ba. Mara tana nauyi, fitsarin yana iya yin duhu-duhu ko wari, wani lokaci har da ɗan jini. Abin yana da ban haushi, amma jikinki yana nan da ƙarfinsa, kina cin abinci, kina aikinki, babu zazzaɓi mai zafi. Mafitsara ma'ajiya ce kawai, ciwon a fatar cikinta yake.

Ƙoda kuwa wurin tace jini ce, jini yana ratsa ta dare da rana. Saboda haka idan ƙwayar ta isa can, jiki gaba ɗaya ne yake amsawa. Zazzaɓi ya kai digiri 38 ko ya wuce, ga rawar ɗari irin wadda haƙora ke haɗuwa ko an lulluɓe ki da bargo, ga tashin zuciya, wani lokaci da amai. Ciwon bayan ma yana da wurinsa. Ki ɗora tafin hannunki a bayanki, daidai inda haƙarƙari ya ƙare, gefen ƙashin baya: nan ne. Yawanci gefe ɗaya yake kamawa, yana can ciki, kuma ko kin juya ko kin sake kwanciya ba ya lafawa. Ciwon baya na gajiya ya fi zama ƙasa wajen ƙugu, yana ƙaruwa idan kin sunkuya, yana sauƙi idan kin huta. Da likita ta ɗan bubbuga mini wurin da gefen hannunta, ɓangaren hagu ban ji komai ba, na dama kuwa sai da na zabura.

Kuskurena na farko shi ne na raba alamomin gida uku. Zafin fitsarin na ce sanyi ne, ciwon bayan na ɗora wa aiki, zazzaɓin na ce na cizon sauro ne, na fara shan maganinsa ba tare da gwaji ba. Kowane bayani yana da ma'ana idan an ɗauke shi shi kaɗai. Abin da ya kamata ya farkar da ni shi ne yadda suka jeru: zafin fitsari ne ya fara, bayan 'yan kwanaki sauran suka biyo baya. Ku lura kuma, wani lokaci zafin fitsarin yana raguwa kafin zazzaɓin ya zo, wasu ma ba sa jin sa sam, don haka raguwarsa ba shaidar warkewa ba ce.

Na biyu ya fi muni. Ina da ragowar naitirofurantoyin da aka taɓa rubuta mini lokacin ciwon mafitsara, na ɗauko na ci gaba da sha. Maganin nan yana da kyau ƙwarai ga mafitsara, domin a cikin fitsari yake taruwa ya kashe ƙwayar a inda take. Amma ba ya taruwa yadda ake buƙata a cikin jini da naman ƙoda. Raɗaɗin fitsarin ya ragu, na ɗauka ina samun sauƙi, alhali can sama ciwon yana ta ci. Na kuma haɗa da ibufurofen don ciwon bayan, wanda shi ma ba abin so ba ne ga ƙodar da ke fama, balle ga mai amai da jikinta ya rasa ruwa. Farasitamol ya fi dacewa kafin a isa wurin likita.

Ga abin da ya dace. Ranar da alamomin nan suka haɗu, a ranar za ki ga likita, kada ki bar shi sai gobe. Za a karɓi fitsari, kuma an fi so a karɓa kafin ki sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ki wanke hannu da gabanki, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya a robar da aka ba ki. Gwajin gaggawa yana fitowa nan take, amma wanda ake renon ƙwayar a ga irinta da maganin da ke kashe ta yana ɗaukar kwana 2 zuwa 3. Likita ba zai jira shi ba, zai fara ba ki magani, idan sakamako ya fito ya canza in da buƙata. Ragowar maganin da na sha ta dagula wannan gwajin, don haka idan kin riga kin sha wani abu, ki faɗi sunansa.

Tsawon shan maganin ma ya bambanta. Na mafitsara ga mace mai lafiya yawanci kwana 3 zuwa 5 ne, na ƙoda kuwa daga mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon irin maganin. Ki shanye shi duka ko kin ji garau. Idan magani ya dace, zazzaɓi yana fara sauka cikin awa 48 zuwa 72. In ya wuce haka bai sauka ba, ki koma, domin ko dai ƙwayar ta fi ƙarfin maganin, ko tsakuwa ta toshe hanyar fitsari, ko mugunya ta taru a ƙodar, kuma hoton ciki ne zai nuna.

Akwai waɗanda ko zafin fitsarin kaɗai bai kamata su zauna da shi a gida ba: mai juna biyu, mai ciwon suga, mai tsakuwar ƙoda, ƙananan yara, tsofaffi, da maza. Ga mai juna biyu, ciwon ƙoda yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, shi ya sa galibi ake kwantar da ita. Tsoho kuma yana iya zuwa ba zazzaɓi, sai dai ku ga ya rikice yana magana ba kan gado.

Idan amai ya hana magani zama a ciki, ko numfashi ya yi sauri, zuciya tana bugawa da ƙarfi, jiri yana ɗibar ki in kin miƙe, fitsari ya ragu sosai, ko hankali ya fara gushewa, mai yiwuwa ƙwayar ta shiga jini. Wannan na sashen gaggawa ne ko da tsakar dare, inda za a sa ƙarin ruwa a ba da magani ta jijiya.