Wasiƙar da na rubuta wa kamfanin jirgi saboda gwiwoyin Hajiyarmu

Hajiya ta yi shekara uku ba ta hau bene ba. Ɗakinta ma mun dawo da shi ƙasa, salla kuwa a kan kujerar roba take yi. Duk na san wannan, amma da na zauna rubuta wa kamfanin jirgi imel kafin tafiyarta Umara, abin da na iya cewa kawai shi ne: mahaifiyata dattijuwa ce, tana buƙatar keken guragu a filin jirgi. Suka amsa cewa sun saka. Na yi hamdala na rufe waya.

Tafiyar zango biyu ce, daga Kano zuwa garin da ake sauya jirgi, daga nan kuma zuwa Madina. Ƙanwata ce ta raka ta. Zangon farko lafiya ƙalau, an zo da keke, an tura ta har bakin jirgi. A zango na biyu ne aka samu matsala. Jirgin bai tsaya a jikin gini ba, can tsakiyar fili aka ajiye shi, sai an ɗebi fasinja a mota. Mai tura keken ya kai ta gindin matattakala ya tsaya. Ƙanwata ta kira ni daga baya muryarta na rawa: "Yaya, a kowace taka sai ta tsaya ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Mutane a bayanmu cike, ita kuma sai haƙuri take ba su." Kwana biyun farko a Madina da kumburarriyar gwiwa ta yi su.

Mai keken bai yi laifi ba, abin da aka rubuta masa ya yi. Ni ne ban san cewa a wurin kamfanonin jirgi neman keke kala uku ne ba, kowanne da haruffansa. `WCHR` na wanda tafiya mai nisa ce kawai ke ba shi wuya, amma zai hau matattakala da ƙafarsa ya kai kansa kujera. `WCHS` na wanda ba ya iya hawa ko sauka a matattakala, amma idan an kai shi ƙofar jirgi zai lallaɓa ya isa mazauninsa. `WCHC` kuma na wanda ko tsayuwa ba ya iya yi, sai an kai shi har kan kujerarsa da wani siririn keke mai shiga tsakanin kujeru. Da na ce "keke" ban ƙara komai ba, sai aka saka mata na farkon. Na biyun ne nata. Da shi aka rubuta, da masu aikin ƙasa sun san tun da wuri cewa sai an tanadi motar nan mai ɗaki a baya wadda ke ɗaga mutum da kekensa har ƙofar jirgi, ko kuwa ma'aikatan da za su hau da ita.

Da sauran kwana shida su dawo na sake zama. Wannan karon ban tambayi Hajiya ko za ta iya ba, don na san amsar. Iyayenmu ba sa cewa ba za su iya ba. Da na tambaya, "Zan iya mana, da yardar Allah" za ta ce, musamman da yake ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa balle ta kawo mini kuka. Ƙanwata na tambaya, kuma abubuwan da ido ke gani na tambaye ta: daga ɗaki zuwa bakin otal sau nawa take tsayawa? Tana iya tashi daga kujera ba a kama ta ba? Ta shiga banɗaki ita kaɗai? Amsoshin su suka zama cikin wasiƙar.

Da Turanci na rubuta, amma ga abin da ta ƙunsa. A layin kan magana na sa lambar rajistar tafiya, wato haruffa da lambobi shidan nan da ke saman takardar tikiti, da ranar tashi, da `WCHS` da `DBML`, wato abincin masu ciwon suga, yadda wanda ya buɗe akwatin saƙo zai gane abin da ake nema bai ma karanta ciki ba. Sannan na ce:

"Ina rubutowa ne a madadin mahaifiyata. Ga sunanta kamar yadda yake a fasfo, ga lambar tikitinta mai lamba 13, ga lambar kowane jirgi da ranarsa. Tana da ciwon gwiwa. Ba ta iya hawa ko sauka a matattakala, ba ta kuma iya doguwar tafiya, amma tana iya takawa daga ƙofar jirgi zuwa kujerarta, tana kuma shiga banɗaki da kanta. Ina roƙon a canja `WCHR` da ke kan rajistarta zuwa `WCHS` a zango biyun duka, har da tsakanin jirgi da jirgi a inda za su sauya. Ba ta da keken kanta, naku za ta yi amfani da shi. Tana da ciwon suga, ina neman `DBML` a kowane zango. Ina neman kujerar gefen hanya kusa da banɗaki, wadda madogarar hannunta ke ɗagawa, ba a layin ƙofar gaggawa ba, ’yarta kuma a kujerar da ke manne da ita. Don Allah a turo mini sabuwar takardar tafiya da ke nuna an tabbatar da waɗannan."

Iyakarta ke nan. Ban ba da tarihin rashin lafiyarta ba, ban sa addu'o'i da dogon roƙo ba, duk da bakina ya so. Jimlar nan da na ce tana iya takawa zuwa kujera tana shiga banɗaki da kanta, da gangan na sa ta. Idan kamfani ya ga alamar mutum ba ya iya kula da kansa a cikin jirgi, ko bai daɗe da yin tiyata ba, ko yana buƙatar iskar taimakon numfashi, sai ya nemi likita ya cike takardar da suke kira `MEDIF`, wannan kuwa wani aiki ne daban mai cin kwanaki. Ciwon gwiwar tsufa bai kai nan ba, gara a faɗi hakan tun farko.

Batun abinci ya ɗan tsayar da ni. Hajiya na da suga, tana kuma da hawan jini, ga shi akwai abinci na kowanne: `DBML` na masu suga, `LSML` mai ƙarancin gishiri. Sai dai abinci na musamman guda ɗaya ake sa wa fasinja a kowane zango, ba a haɗa biyu. Na kira likitanta, ya ce a ɗauki na suga, gishirin cin abinci sau ɗaya ba zai yi mata illar da zaƙi zai yi ba. Wannan dokar ta abinci ɗaya ta shafi `MOML` ma, wato abincin Musulmi, don haka na ƙara layi ɗaya a wasiƙar ina tambaya ko duk abincin da ake rabawa a wannan hanyar halal ne. Suka ce e. A wata hanyar da ba ta ƙasashen Musulmi ba, wannan tambayar ita zan fara yi kafin in zaɓi komai.

Kujera kuwa, da farko layin gaba na so, wanda bango ne a gabansa, saboda wurin miƙe ƙafa. Ejan ɗin da ya yanka mana tikiti ya hana ni. "Alhaji, wannan layin teburin cin abincinsa a cikin madogarar hannu yake, ba ta ɗagawa. Hajiya za ta sha wuya wajen zama da tashi. Kuma ba za a bar jakarta a gabanta ba lokacin tashi da sauka, sai a sama, ga magungunanta a ciki." Gaskiyarsa. Mai ciwon gwiwa abin da ya fi buƙata shi ne ya juya ya zame zuwa bakin kujera ya miƙe, ba tare da ya tsallake kowa ko wani ƙarfe ya tokare shi ba. Jirgin zangon Kano mai kujera uku hagu uku dama ne, `A B C` da `D E F`, saboda haka `C` da `D` su ne na gefen hanya. Gwiwar damanta ce ta fi ciwo, sai na nemi `C`, don a can ƙafar dama ce ke wajen hanya, za ta iya ɗan miƙe ta idan ba a wucewa da keken abinci. Ƙanwata ta samu `B`. Amma ban tsaya ga lamba kaɗai ba, na kwatanta kujerar da kalmomi, domin idan aka sauya jirgi da wani iri, lambobin kan wargaje, kwatancen ne zai rage.

Amsa ta zo washegari: an karɓi buƙatarku. Wannan karon ban rufe waya ba. "An karɓa" daban, "an tabbatar" daban. Na sa ejan ya buɗe rajistar a kwamfutarsa ya ɗauko mini hoto. A gaban keken akwai `HK` a zango biyun, ma'ana an tabbatar. A gaban abincin zango na biyu kuwa `HN` ne, wato an nema ana jiran amsa. Na sake tura gajeren saƙo a kan wancan na farkon, ba sabo ba, don lambar ƙorafin ta zama ɗaya. Kafin yamma ya koma `HK`. Da na bari sai ana gobe tafiya da ba a samu ba, domin yawancin kamfanoni suna rufe karɓar abinci na musamman awa 24 kafin tashi, wasu ma 48, keke kuma awa 48 suke so a sanar da su. Ejan ya ƙara ja mini kunne cewa idan aka ɗaga ranar tafiya ko aka sake fitar da tikiti, a koma a duba, waɗannan buƙatun ba lallai su bi sabon jirgin da kansu ba.

Na tura wa ƙanwata takardar, ta buga ta a otal ta sa cikin fasfon Hajiya. Na ce ta nuna a wurin awon kaya, ta sake faɗa a bakin ƙofar shiga jirgi, kada kuma su yi musayar kujera da kowa ba tare da sun gaya wa ma'aikatan jirgi ba, tunda abincin musamman lambar kujera yake bi. Magunguna duk a jakar hannu, da ’yan dabino ko sugan zai faɗi idan an yi jinkiri.

A filin da suka sauya jirgi, wannan karon ma can tsakiyar fili aka ajiye shi. Ƙanwata ta ce suna zaune sauran fasinja suka shige mota, su kuma aka ce su dakata. Can sai ga motar mai ɗagawa. Aka tura Hajiya ciki tare da wani dattijo, ɗakin ya tashi a hankali har ya daidaita da ƙofar da ke ɗaya gefen jirgin, ta sauka daga keke ta taka ’yan layuka zuwa kujerarta. Abincinta aka fara kawowa kafin na kowa, da ’yar takarda manne a kai ɗauke da sunanta da lambar kujera.

Da na tare su a filin jirgin Malam Aminu Kano, tana kan keke da carbinta a hannu, na durƙusa na gaishe ta na tambayi gwiwa. Ta ce, "Da sauƙi. Allah Ya yi maka albarka." Sai ta juya wajen ƙanwata ta ce a miƙo mini ledar dabinon nan.