Gwiwar hannun mai tsire da ta ƙi jin burushi

Shawarar da kowa ke bayarwa idan gwiwar hannu ta lotsa a Blender ita ce a ɗauki burushin `Blur` a sassauta nauyin, wato yawan jan da kowane ƙashi ke yi wa fata. Ni ma ita na bi, kuma har yanzu ina jin haushin lokacin da ta ci mini. Duk sa'ad da na ƙara goga shi, sai hannun ya ƙara lalacewa.

Aikin wani ɗan wasan waya ne da muke haɗawa ni da wani ƙanena a nan Nima. Jarumin wasan mai tsire ne, sanye da singileti, yana fifita gawayi yana kai tsinke baki. Wato hannunsa a waje yake, babu hannun riga da zai rufa mana asiri, kuma kai tsinke baki lanƙwasa ce mai zurfi, digiri 120 zuwa sama. Na ɗaura ƙasusuwa da `Ctrl+P` da `With Automatic Weights`, komai ya zauna lafiya ban da gwiwar. Da ya ɗaga hannu sai ta shige ciki kamar tiyon ruwa da aka naɗe.

Da na faɗaɗa koren launin da ke nuna rabin nauyi da `Blur`, lotsawar ba ta tafi ba. Yaɗuwa ta yi, ta haura damtse ta gangara sangali, hannun ya koma lanƙwasa a zagaye tamkar babu ƙashi a ciki.

Ana cikin haka na danna `Preserve Volume` a cikin `Armature` modifaya, gwiwar ta cika tam. Na yi murna, na fitar da FBX na tura wa yaron. Ba a jima ba ya leƙo da wayarsa a hannu.

"Yaya, wannan fayil ɗin ne ka ce ka gyara? Ga shi nan yadda yake jiya."

Gaskiyarsa. Wannan akwatin ba ya taɓa nauyi ko ɗaya, hanyar lissafi kawai yake sauyawa a cikin Blender, kuma ba ya bin fayil zuwa Unity, injin da muke haɗa wasan a ciki. Can injin zai koma lissafinsa na yau da kullum, gwiwa ta koma gidan jiya. Idan bidiyo za ka fitar daga Blender, danna shi ka huta, sai dai ka sa ido don yakan kumbura gaɓa fiye da kima. Mu da ke yin wasa bai amfane mu da komai ba.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne zama da takarda da biro. Ɗauki ɗigo ɗaya a kan zoben tsakiyar gwiwa, wanda nauyinsa rabi na damtse, rabi na sangali. Idan hannu ya lanƙwashe, damtse ya ce ɗigon ya tsaya inda yake, sangali ya ce ya juya tare da shi. Blender ba ya juya ɗigon rabin hanya. Layi miƙaƙƙe yake ja tsakanin wuraren biyu ya ajiye shi a tsakiya, kuma tsakiyar wannan layin ta fi kusa da gaɓar. Nisan ɗigon daga gaɓa yana komawa nisan asali sau `cos(θ/2)`, inda θ ke nufin digirin lanƙwasar. A hannun mai tsirenmu, daga gaɓa zuwa fata santimita 4 ne. A digiri 90 ya koma kusan 2.8. A digiri 120 ya koma 2 daidai, rabi ke nan. A digiri 150 kusan 1 ya rage. To wane burushi ne zai gyara wannan? Muddin akwai zoben da ke raba kansa daidai tsakanin ƙasusuwa biyu, sai ya tsuke. `Blur` kuwa ƙara yawan irin waɗannan zobba yake yi, shi ya sa nake ta haƙa wa kaina rami.

Akwai alamar da za ta nuna maka wannan ce matsalarka. Ɗigon da ke gefen gwiwa, a kan layin da gaɓar ke juyawa, ba sa motsi. Saboda haka idan ka kalli hannun ta gaba, faɗinsa na nan kalau, sai ka zagaya ta gefe ka ga ya zama faifai. In kuma ta ko'ina a murɗe yake, duba wurin da ka dasa gaɓar da yawan zobba tukuna. Gwiwa na son aƙalla zobe 3, ɗaya a kan gaɓar, ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Maganin da ya yi mana aiki ƙashi na uku ne. A `Edit Mode` na kwafi `forearm.L` da `Shift+D`, na gajarta shi ba tare da na karkata shi ba, na sa masa suna `elbow.L`, na tabbatar `upper_arm.L` ne ubansa kuma `Deform` a kunne yake. Sannan a `Pose Mode` na ba shi wannan:

```
Copy Rotation
Target: Armature
Bone: forearm.L
Target: Local Space
Owner: Local Space
Influence: 0.5
```

Yanzu in sangali ya juya digiri 120, wannan ɗan ƙashin 60 yake juyawa. Ɗigon da ya mallaka gaba ɗaya juyawa yake yi da gaske, bai tsuke ko kaɗan. Zobban sama da ƙasa kuma, maimakon a ja su tsakanin ƙasusuwan da ke da tazarar 120, tazarar ta zama 60, santimita 4 ta koma kusan 3.5 a maimakon 2.

Wurin fentin ne abin mamaki na biyu ya fito. Da na ba zoben tsakiya duka 1.0 a rukunin `elbow.L`, bayan gwiwa ya fito da tsininsa, amma cikin gwiwar ya turo wani ƙullutu tsakanin damtse da sangali. Lanƙwasa hannunka ka duba: naman ciki dama shigewa yake yi ya bar tsaga. Lotsawar ciki daidai ce, ta baya ce aibu. Sai na bar ɗigon baya a 1.0, na gefe wajen 0.5, na ciki kuma na mayar da su rabi da rabi tsakanin damtse da sangali kamar da. Ɗigon bayan zobban sama da ƙasa na ba su 0.5 na `elbow.L`, sauran ya tafi ga ƙashin da suke kai.

Wannan ɗan aikin ban yi shi da burushi ba, don launi na yaudara. Ɗigo zai iya zama ja a rukunin damtse, ja a rukunin sangali, kai kana ganin ja ka ɗauka ya kama, alhali a lissafi rabi da rabi ne. Zaɓi ɗigon a `Edit Mode`, danna `N`, a ƙarƙashin `Item` za ka ga `Vertex Weights` da lambobin zahiri, ka rubuta abin da kake so. In ka koma burushi don share gefe-gefe, kunna `Auto Normalize` kafin ka taɓa komai, kuma ka yi fentin hannu na lanƙwashe. A miƙe kowane nauyi kyau yake yi.

Abu ɗaya ya rage da ya kamata ka sani kafin ka yi wa abokin aikinka alkawari. `Copy Rotation` shi ma ba ya shiga FBX. Abin da ke shiga shi ne juyin ƙashin da aka gasa a cikin motsin, idan `Bake Animation` a kunne yake lokacin fitarwa. Fifita da cin tsire da na yi a Blender sun fito daidai a wayar. Amma da yaron ya sa injin ya miƙa hannun da kansa don karɓar kuɗi a wurin mai saye, `elbow.L` ya tsaya cik tare da damtse, sai da ya rubuta masa 'yan layuka a can da za su riƙa ba shi rabin juyin sangalin.