Katin waifai da bulutut na kwamfutar tebur: abin da muke dubawa kafin mu sa

A shagonmu na harhaɗa kwamfuta da gyaranta, duk wanda ya kawo kwamfutar tebur yana so a sa mata waifai da bulutut, sukundireba muke fara ɗauka mu buɗe akwatin kafin a yi maganar wace adafta za a saya. Abin da ke cikin akwatin shi ne zai zaɓa mana, ba lambar gudun da aka rubuta a kwali ba.

Hanya biyu ce. Ko dai 'yar ƙaramar adaftar USB da ake sokawa daga waje, ko kuma katin PCIe da ake dasawa a kan madabod. Ta USB ba ta da wahalar sawa, amma eriyarta ƙarama ce, tana ɗaukar zafi idan aka daɗe ana sauke manyan fayiloli, kuma da yawa daga cikinsu waifai kaɗai suke yi ko bulutut kaɗai. In dai akwai gurbi a ciki, kati muke ba da shawara, mai ɗauke da Intel AX200 ko AX210. Duka biyun suna da layin eriya biyu kuma suna haɗa waifai da bulutut a kati ɗaya. Bambancinsu shi ne AX210 yana iya hawa zangon 6 GHz, amma sai in rautar gidan tana da Wi-Fi 6E kuma kwamfutar tana kan Windows 11 ko Linux na zamani. In babu waɗannan biyun, AX200 ya wadatar.

Da mun buɗe, abu uku muke nema. Na farko gurbin PCIe da babu komai a kai. Katin ɗan gajere ne, x1, amma yana zama a gurbin x4 ko x16 ba matsala, sai dai a lura, katin girafik mai kauri yakan rufe gurbin da ke ƙarƙashinsa. Na biyu faɗin akwatin: siririn akwati yana buƙatar gajeren ƙarfen riƙo, don haka a tabbatar yana cikin kwalin. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ke jawo yawancin koke, wato mahaɗin USB 2.0 mai fil 9 da ke kan madabod.

Dalili kuwa shi ne, katin nan ɗaya ne a ido amma na'ura biyu ce a cikinsa. Waifai yana magana da kwamfuta ta gurbin PCIe. Bulutut kuwa ta layin USB yake bi, gurbin PCIe kuma ba shi da wannan layin. Shi ya sa ake haɗo wata siririyar waya a cikin kwali, bakinta ɗaya ya shiga bayan katin, ɗayan ya hau mahaɗin da ke kan madabod, galibi can ƙasa a gefe, da rubutu irin F_USB1 ko JUSB1 kusa da shi. Kanta yana da matsuguni goma, ɗaya a toshe, saboda haka fuska ɗaya kawai yake shiga. Mahaɗin sauti mai rubutun AAFP ko F_AUDIO yana kama da shi sosai, shi ma fil 9 ne, amma inda aka cire masa fil ɗaya ya bambanta. In ka ji waya ta ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi, duba rubutun.

A ɗauki kwamfutar da aka sa mata AX210, waifai yana aiki lafiya, amma babu maɓallin bulutut ko kaɗan a cikin Settings. Sai a buɗe Device Manager. In babu reshen Bluetooth kuma babu wata na'ura mai alamar rawaya a ko'ina, kwamfutar ba ta ga ɓangaren ba sam, ke nan wayar ba a haɗe take ba, ko ta kwance. In akwai na'ura mai alamar rawaya, ta gan shi amma direba ne babu, domin Intel direba biyu yake fitarwa, na waifai daban, na bulutut daban, mutane kuma sukan sa na farkon su tsaya. In kuwa aka ga "Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed)", muna kashe kwamfutar, mu zare ta daga wuta, mu danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan mu sake zaunar da wayar ko mu mai da ita wani mahaɗin. A Linux umarni ɗaya ya isa:

```
lsusb
```

Idan bulutut ɗin AX210 ya bayyana za a ga 8087:0032, na AX200 kuma 8087:0029.

Wani lokaci duk mahaɗan sun cika, wayar gaban akwati ta kama ɗaya, na'urar sanyaya ta kama ɗaya. Akwai ƙaramin marabi da ke mai da mahaɗi ɗaya biyu ko fiye. Kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni kuwa sau da yawa ba su da wannan mahaɗin kwata-kwata, sai dai wasunsu suna da gurbin M.2 Key E, wanda ke ɗauke da layukan biyu a tare. A nan ɗan katin M.2 ake sawa kai tsaye, ba a buƙatar wayar, amma sai an sayi wayoyin eriya masu kan MHF4 tare da shi. In duk babu, sai a sa katin don waifai, a ƙara adaftar bulutut ta USB daban. Windows da rediyon bulutut ɗaya yake aiki a lokaci guda, don haka kada a bar biyu a kunne.

Akwai tarko a cikin lambobin nan. AX201 da AX211 sun yi kama da AX200 da AX210, bambancin lamba ɗaya, gurbin M.2 Key E ɗin da suke shiga ma iri ɗaya. Amma su nau'in CNVio2 ne, rabin aikinsu yana cikin cif ɗin Intel da ke kwamfutar. Ba sa tashi a madabod ɗin AMD, ba sa tashi a kan allon PCIe. Za su shiga gurbi daidai, kwamfutar kuma ta yi kamar ba a sa mata komai ba.

Sai eriya. Ko da mai kwamfutar ya ce da kebul yake shiga intanet, bulutut kawai yake so, a ɗaura eriyoyin duka biyu, domin bulutut ta ɗayarsu yake fita. In babu ita, hedifon zai haɗu amma ka ɗan ja baya sauti ya fara tsinkewa. Kuma bayan akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin tebur, jingine da bango, shi ne mafi munin wuri ga eriya. Mun fi son katin da eriyarsa ke kan gindi mai doguwar waya, a aza ta a kan tebur. Tashoshin USB 3.0 ma suna fitar da hayaniya a zangon 2.4 GHz, inda bulutut yake zaune, shi ya sa maus kan yi tsalle-tsalle da zarar an soka faifan ajiya kusa da eriya ko adafta. Maganinsa nisantawa: 'yar wayar ƙari, ko a mai da adaftar tashar USB 2.0.

Kafin a cire kebul ɗin intanet a sauke direbobin biyu, ko a zo da su a filas. Bayan an gama muna gwadawa da wannan:

```
netsh wlan show interfaces
```

A duba Signal da Receive rate (Mbps). Da rauta mai Wi-Fi 6 a zangon 5 GHz da faɗin 80 MHz, a kusa, ya kamata a ga har 1201. Da mai Wi-Fi 5 kuwa, a wannan faɗin, 866.7 ne iyaka. In ana ɗaki ɗaya da rauta amma lambar ta tsaya a wajen rabin haka, mukan fara da taɓa eriyoyin, sau da yawa ɗaya ce ba ta ɗauru sosai ba.