Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Jinin Maza

Makon jiya na yi alkawarin ba da labarin tafiyata makarantar kwana, to ku yi haƙuri, maganar Baffa ce ta tare ni. "Yaron da bai yi jan fitsari ba, ai bai zama namiji ba." Haka yake faɗa, yana ɓare goro, mu kuma ƙirji ya cika.

Mu yaran yankin Kadawa a cikin kanal muka tashi. Tunda aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya daina yanke mana, rani da damina. Da rana ta take sai mu tuɓe mu faɗa, ni da Yaya, har sai idanu sun yi ja. Ina da kamar shekara goma na fara ganin abin. Fitsarin zai fito garau, sai a ƙarshe, wajen matsewar nan, ɗigo biyu ko uku na jini su biyo baya da ɗan zogi. Bayan garka muke jeruwa muna gwada na wa ya fi ja. Inna ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba, ta jiƙa mana saiwa. Baffa ya ce, "Ke dai ƙyale su, jinin maza ne."

Tsargiya ce. Ban san haka ba sai a aji biyu na sakandare, da aka tura ni asibiti. Mai awon ya hana ni kawo fitsarin asuba, ya ce in dawo tsakanin ƙarfe goma na safe da ƙarfe biyu na rana, lokacin da ƙwan tsutsar da ke kawo cutar ya fi fita, kuma in tabbatar ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar. Shi ya bar ni na leƙa madubinsa. Ƙwai ne dogaye, kowanne da ƙaya a gindi. Ya ce tsutsar daga jikin ƙananan dodon koɗin kanal take fitowa, ta huda fata, ta girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwanta ne ke yaga bango ya zubo da jini. Aka ɗora ni a sikeli, domin maganin, farazikwantel, da nauyi ake ba da shi, miligiram 40 a kowane kilo. Kilo 45 gare ni, ƙwaya uku ta kama. Na sha bayan cin abinci, na wuni da jiri, cikin 'yan makonni fitsari ya washe.

Azumin bara autana ya shigo a firgice, wai fitsarinsa ya koma kamar shayi. Na duba farin idonsa, ba rawaya, balle in ce shawara. Ba zazzaɓi, ba zafi wajen fita, bai yi gauraye kamar ruwan tsari ba irin na mai ciwon sanyin mafitsara. Na ce ya sha ruwa sosai bayan buɗa baki, mu gani kafin sahur. Ya washe. Na ƙishirwa ke nan, ruwa yana wanke shi a dare ɗaya. Jini kuwa ko randa ka shanye, sai dai ya yi fatsi-fatsi ya dawo.

Yaya bai je ko'ina ba. Shinkafa ya riƙe, ƙafarsa cikin ruwa shekara arba'in. Jinin ya ɗauke masa da kansa bayan ya yi aure, Baffa ya ce, "Ba na faɗa muku ba?" Ashe ƙwan yana nan binne a bangon mafitsara yana cin sa a hankali. Ya haura hamsin jinin ya dawo, amma ba irin na yarinta ba. Wannan tun daga farkon fitsari har ƙarshe ja ne, da gudaji, kuma babu zafi ko kaɗan. Rashin zafin ne ya yaudare mu. Ya yi kwana uku ya tsaya, ya yi wata biyu ya dawo.

A nan laifina yake. Ni mai boko, ni na ce tsargiya ce, na aika masa ƙwaya huɗu daga kemis. Maganin yana kashe tsutsa, ba ya taɓa tabon da ta bari, balle abin da ya tsiro a kan tabon. Sai da fitsarin ya fara gagarar fita muka kai shi Kano. Hoto ya nuna ƙari a mafitsara, ƙoda ɗaya ta kumbura don hanyarta ta toshe. Likitan ya tambayi yaushe jinin ya fara, na ce wata goma sha huɗu. Ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce babba in ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko ba ciwo, a makon ake zuwa.

Baffa ya riga Yaya rasuwa da shekara shida, Allah ya jiƙansu. Bai ji sunan sankara ba. Inna ta ji, tana zaune a kan tabarma a barandar asibiti, ta ce da ni, "Kai da ka leƙa madubin fa?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, makarantar kwana.