Ranar da na ba da ruk a c3 a Samaru

A Samaru muke buga ces, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, daga bayan la'asar har a kira magariba. Yawancinmu ɗalibai ne ko waɗanda suka gama karatu suka maƙale a Zariya, sai wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, wanda kowa ke kira Malam. Lissafin da aka fara koya mini a wurin shi ne wanda ake koya wa kowa: soja maki 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Na riƙe shi kamar karatun allo. Shi ya sa na daɗe ina ganin duk wanda ya ba da ruk ya karɓi doki, to ko dai kuskure ya yi, ko kuwa ya hango mutuwar sarki nan da taku uku.

Sau biyu na yi irin wannan sadaukarwa a gida ɗaya, c3, a buɗi iri ɗaya, wato Diragon na Sisiliyan. Na farko na sha kashi, na biyu na ci. Abin da ya raba su ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A na farkon, kwaikwayo na yi kawai. Na ga manya suna cin dokin c3 da ruk, ni ma ina da baƙi, ruk ɗina na kan c8, sai na afka. Abokin karawata ya ci da sojan b, sojojinsa biyu suka jeru a layi ɗaya, c2 da c3, na yi ta murna wai na lalata masa tsari. Ban lura cewa sojansa na f3 yana tsare da e4 ba, don haka ban samu ko soja ɗaya a kan cinikin ba. Sarkinsa kuma yana g1 cikin rufin asiri, babu abin da ya taɓa shi. Ya kawo bishof d4 ya yi musaya da bishof ɗina na g7, wanda shi ne ginshiƙin Diragon ɗin gaba ɗaya. Can kuma ya tilasta aka yi musayar sarauniya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, layin b da ruk ɗinsa ya bi ya shigo b7 ya yi ta kwasar sojojina, ni na buɗe masa shi da hannuna ranar da na sa sojan b ya koma c3.

Malam yana gefe yana kallo. Da muka tashi ya ce, "Yaro, da za ka shiga lungunan cikin birni, can bayan Ƙofar Doka, tirela za ka ɗauka ko babur?" Na ce babur, Malam. Ya ce to ruk tirela ce. A titin Kaduna babu mai kamo ta, amma a lungu ɗan acaba ya fi ta daraja. Maki biyar ɗin nan kuɗinta ne idan akwai titi. "Kai kuwa ka ba da taka tirelar, sannan ka shimfiɗa wa tasa kwalta."

Shi ya nuna mini wasan Reshevsky da Petrosian na Zurich, 1953. Petrosian, wanda daga baya ya riƙe kambun duniya daga 1963 zuwa 1969, yana da baƙi, sojojin fari na tsakiya suna shirin murƙushe shi. A taku na 25 ya ɗora ruk a e6, gidan da bishof ɗin fari zai iya cin sa. Babu harin da ya shirya wa sarki. Abin da yake so kawai shi ne ya bar wa dokinsa e7, daga nan ya hau d5 ya zauna, sojojin fari su tsaya cak. Reshevsky ya ci ruk ɗin, dokin ya isa d5, aka tashi canjaras. Na kwana ina juya abin a raina, mutum ya ba da maki biyu don doki ya samu kujera.

Bayan 'yan watanni na sake samun baƙi, wannan karon da wani ɗalibin injiniya mai son hari kamar ya ci babu. Ga yadda aka fara, ga mai son ya jera a allonsa. R ruk ne, N doki, B bishof, Q sarauniya, x ci, O-O kuma ɓoye sarki a layin g, ruk ya dawo gefensa a layin f.

```
1.e4 c5 2.Nf3 d6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 Nf6
5.Nc3 g6 6.Be2 Bg7 7.O-O O-O 8.Be3 Nc6
9.Nb3 Be6 10.f4 Rc8 11.f5 Bd7 12.g4 Ne5
13.g5
```

Sojan g5 yana korar dokina na f6. In na ja da baya zuwa e8, dokinsa ya hau d5, sojan f5 yana jiran ya soki f6, ni kuma in zauna a takure ina karɓar duka. Hannuna ya yi wajen c8, sai na tuna kashin da na sha, na janye shi na zauna a kai. Na fi minti goma ina duba allon, har masu kallo suka fara tsaki.

Abu na farko da na duba shi ne e4. Wannan karon sojan f ya wuce har f5, ba zai taɓa dawowa f3 ba, soja ba ya komawa baya. Dokin c3 kaɗai ke tsaron e4. In na kawar da shi, sojan tsakiya nawa ne, kuma dokin da ake kora shi ne zai ci, ya zauna a gidan da babu sojan fari da zai iya tashin sa, domin layin d babu soja, na f kuma ya wuce. Kenan ruk na bayar na karɓi doki da soja, biyar a bakin huɗu.

Sannan na duba sarkinsa. Sojojin f da g da ya kamata su zama bangonsa duk ya tura su yaƙi, h2 kaɗai ya rage. Layin karkace daga c6 zuwa h1 zai zama fili fetal da zarar sojan e4 ya tafi, ni kuma ina da bishof mai bin fararen gidaje.

Na ƙarshe shi ne abin da ban yi ba a wancan karon: na bi layukan tsaye takwas ɗaya bayan ɗaya ina neman titin da tirelolinsa za su bi. Layin b zai buɗe masa, amma bishof a c6 ya tsare b7. Layin d ya ƙare a d6, wanda e7 ke tsaro. Layin f ya ƙare a f7, ga sarki da ruk a kansa. Babu layi ko ɗaya da babu soja a kansa. Na kuma tabbatar in ya ƙi cin ruk ɗin ya ci dokina da 14.gxf6, sai ruk ya wuce ya ci bishof ɗin e3, sojansa ya ci bishof ɗina na g7, sarkina ya ci sojan, in tashi da ribar soja. Daga nan na ɗaga ruk.

```
13...Rxc3 14.bxc3 Nxe4 15.fxg6 hxg6
16.Bd4 Bc6 17.Qe1 Nxg5 18.Qg3 Ne4
```

Wani daga cikin masu kallo ya ce, "Kai, ya sake!" Malam bai ce uffan ba.

Akwai ɗan tarko a ciki da ya kamata a sani. Bayan 14...Nxe4, in fari ya kawo sarauniya d4 don ya kori dokin, sai ɗaya dokin ya faɗa f3 da cek, bishof ɗin g7 ya buɗe a kan sarauniyar, ta tafi. Abokin karawata ya gani, shi ya sa ya toshe layin da bishof a taku na 16. Amma da bishof ɗin ya bar e3, g5 ya rasa mai tsaro. Ban yi gaggawar ci ba, na fara kai bishof c6, domin sojan ba inda zai gudu. Da na ci shi a taku na 17 kuwa, ashe har da barazanar doki ya sauka h3 ya kashe sarki, tunda bishof ɗin c6 ya riƙe g2 da h1, dokin kuma ya riƙe f2. Dole ya kawo sarauniya g3, dokina ya koma kujerarsa ta e4 yana korar ta. Yanzu doki da soja biyu nake da su a madadin ruk.

Kada wannan ya ruɗi mai karatu. Ba don barazanar h3 na ba da ruk ba, ban ma hango ta a taku na 13 ba. Irin waɗannan suna fitowa da kansu ne idan dawakai biyu sun kafu a tsakiya, sarki kuma yana tsirara. Abin da na saya shi ne gidan e4 da rashin titi, kuma waɗannan ba sa gushewa bayan taku biyu ko uku.

Sauran wasan ba shi da armashi ga mai kallo, amma a nan aikin yake. Sau biyu ya miƙo sarauniya don mu yi musaya, na kauce, domin muddin tana kan allo sarkinsa ba zai yi barci ba. Ruk ɗin da ya rage mini ma na hana a yi musayarsa. Wanda ya ba da ruk ɗaya yana bukatar ɗayan ƙwarai, don shi ke tsare gidajen shiga. In ya tafi, ruk ɗin abokin gaba zai yi ta yawo a layin baya babu mai ce masa kanzil. Wurin da na kusa ɓata komai shi ne lokacin da zuciya ta ce in tura sojojin e da f gaba da sauri, tunda na fi shi yawa a can. Kowane soja da ya ci wani ko aka ci shi, layi ne ya buɗe. Na haƙura, na ɗora ruk a c8 ina matsa wa c3, na bar shi yana kai ruk b1 ya dawo da shi, ya kai d1 ya tarar da bango. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da ya gaji da dokin e4, sai ya ba da ruk ɗinsa a kansa, bishof ɗina ya ci ya gaje kujerar. Manyan kaya suka yi daidai, ni ina da rarar soja biyu, nasa na layin c kuma har yanzu a cuɗe. Bai daɗe ba ya miƙo hannu.

Muna kwashe kaya Malam ya mayar da allon zuwa taku na 13, ya ɗauki sojan fari na f5 ya ajiye shi a f3, na g5 ya mayar g2. Ya ce, "To, yanzu fa?" Na duba e4, na duba sarkin, na ce a nan ruk ɗina zai zauna a c8 abinsa. Ya tura mini jakar kayan ya ce in tattara, an kira salla.